Girgizar sitiyari a kan gudu: balansin ne, rim ne, ko tayarod?

Motata lafiya lau take a cikin gari, amma da na hau babban titi na kai 90 sai sitiyari ya kama rawa a hannuna. Idan na wuce 120 sai ya lafa. Me ke kawo haka?

Mafi yawan lokaci nauyin ɗaya daga cikin tayoyin gaba ne bai daidaita ba, wani gefe ya ɗan rinjayi ɗan'uwansa. Abin ba ya buƙatar nauyi mai yawa. Ɗauki taya mai lamba 195/65 R15, irin wadda ke ƙarƙashin Corolla da yawa. Zagayenta kusan mita 2 ne, saboda haka a gudun kilomita 100 a awa tana juyawa wajen sau 14 a kowace daƙiƙa. Idan akwai rarar giram 30 a wani gefe na bakin tayar, a wannan gudun tana fizgar ƙafar motar da ƙarfin da ya kai nauyin kilo 7, sama da ƙasa, gaba da baya, sau 14 duk daƙiƙa. Kuma fizgar ba a hankali take ƙaruwa ba: idan gudu ya ninka sau 2, ita sau 4 take ninkawa. Shi ya sa a 40 ko 50 cikin gari ba ka jin komai.

Lafawar da yake yi bayan 120 tana ruɗar mutane har su ce matsalar ta tafi da kanta. Ba ta tafi ba. Ƙafar mota, wato taya da rim da abin da ke riƙe da su, tana da nata saurin tsalle, kamar yadda lilo ke da nasa lokacin kai da komowa. A ƙananan motoci wannan yana faɗawa wajen sau 10 zuwa 15 a daƙiƙa. Idan juyin taya ya zo daidai da shi, kowace fizga tana ƙara wa ta baya ƙarfi, sai girgizar ta fito fili. Da ka wuce wannan gudun sai su saɓa, hannunka ya huta, amma boris da shokazoba da tayarod suna ci gaba da shan duka.

Ka lura da inda kake jin ta. Idan a sitiyari ne, duba tayoyin gaba. Idan a kujera ko a ƙasan mota ne, na baya ne suka fi zama abin zargi.

An yi min balansin sati biyu da suka wuce, kuma ga shi yana nan yana girgiza. Cutata aka yi?

Ba dole ba ne, amma ba duk balansin ne ke amsa sunansa ba. Kafin a ɗora taya a kan inji ya kamata a cire tsofaffin darma duka, wato ƙananan nauyin da ake maƙala wa rim, a kankare busasshiyar laka daga cikin rim, a ciro tsakuwar da ta maƙale a zanen taya. Dunƙulen laka ɗaya da ya bushe a ciki lokacin damina ya isa ya ɓata lissafin. Sannan a shigar wa injin faɗin rim da girmansa daidai, a sa darma a gefe biyu, ciki da waje. Wasu suna sa ta a ciki kaɗai don kada ta ɓata kwalliyar rim ɗin alminiyam, wannan kuwa yana maganin tsallen sama da ƙasa ne kawai, ya bar kaɗawar hagu da dama, wadda ita ce ta fi zuwa hannu. Rim na ƙarfe darma mai maƙalewa a baki ake buga masa. Na alminiyam ta liƙi ake sa wa, kuma idan ba a goge wurin tas ba, kwana kaɗan za ta faɗi a hanya. Leƙa cikin rim ɗinka: idan ka ga tabon gam ba darma, ka samu amsarka.

Ka tsaya ka ga injin ya nuna sifili a gefe biyu bayan an sake juya tayar. Idan kana shakka, a kwance ta daga injin, a ɗan juya ta, a sake ɗaurewa a gwada. Bambancin giram 5 ba komai ba ne. Idan lambar tana canzawa da yawa duk juyi, ko dai ba a zaunar da rim ɗin daidai a tsakiyar injin ba, ko akwai abin da ke yawo a cikin tayar, ruwa ko ruwan faci irin wanda ake ɗurawa ta bawul. Taya mai ruwa a ciki ba ta karɓar balansin sai an buɗe an tsane ta.

Idan kuma injin ya nemi giram 70 ko 80 a gefe guda na tayar ƙaramar mota, bai kamata a jera darma a wuce ba. A sace iskar, a juya tayar rabin zagaye a kan rim, a hura a sake gwadawa. Sau da yawa gefen taya mai nauyi ne ya haɗu da gefen rim mai nauyi.

Yaya zan gane rim ya lanƙwashe? Na duba da ido ban ga komai ba.

Ba za ka gani daga waje ba, domin bakin ciki ne ya fi lanƙwashewa idan mota ta faɗa rami da gudu, shi ne ba ya da abin da ya tokare shi. Sai an ɗaga motar ko an cire ƙafar.

Gwajin ba ya buƙatar inji. Ɗaga motar da jak, ka tokare ta da abu mai ƙarfi. Ajiye bulo kusa da tayar, ka ɗora alli ko sukuddireba a kai, bakinsa na kusan taɓa leɓen rim. Juya tayar da hannu a hankali kana kallon ratar. Rim mai lafiya ratar ba ta canzawa yadda ido zai kama. Idan tana buɗewa tana rufewa fiye da milimita 1, akwai lanƙwasa. Yi haka ta ciki da ta waje, sannan ka maimaita a saman tayar kanta, inda take taka ƙasa. Idan rim ya tafi sumul amma tayar tana da tudu a wuri guda ko zanenta yana karkacewa kamar maciji, wayoyin cikinta ne suka rabu. Ana yawan samun wannan a tsofaffin tayoyin Beljiyam, kuma ba ta da gyara. A cire ta kafin ta fashe a kan zafin kwalta.

Abin da muke so direba ya riƙe shi ne, injin balansin nauyi yake aunawa, ba ya mayar da abu zagayayye. Rim mai siffar ƙwai zai iya nuna sifili a inji ya kuma girgiza mota a titi. Alamarsa ita ce yakan fara tun a ƙaramin gudu: a 30 ko 40 ka saki hannu kaɗan a titi mai kyau, za ka ga sitiyari yana kaɗa kai hagu da dama a hankali, sau ɗaya duk juyin taya. Wata alamar kuma taya marar tub da ke rage iska kullum ba tare da an ga ƙusa ba.

Ƙaramar lanƙwasa a leɓen rim na ƙarfe ana iya miƙe ta. Na alminiyam kuwa ba a buga masa guduma da sanyi, tsagewa yake yi, sai a injin miƙa rim. Wanda ya tsage, shawararmu a sauya shi.

Bakanike ya ce min tayarod ne. Shi ke sa girgizar?

Da wuya ya zama shi kaɗai. Tayarod shi ne sandar da ke kai umarnin sitiyari zuwa ƙafa, kuma a ƙarshensa akwai kan ƙarfe kamar ƙwallo da ke juyawa cikin giris, roba ta rufe shi. Idan robar ta yage, ƙura da ruwa su shiga, kan ya cinye ya fara wasa. Shi ba ya juyawa tare da taya, saboda haka ba ya haifar da girgizar da ke zuwa a gudu guda ta ɓace a wani. Abin da yake yi shi ne ya saki ƙafar, ƙaramin rashin balansin da a da ba a ji sai ya zama babba. Nasa alamomin daban ne: ƙwas-ƙwas a kan gargada, mota tana yawo a titi kana ta gyara hannu, sitiyari yana ɗan tafiya kafin taya ta amsa, da cinyewar taya ta gefe ɗaya.

Ka sa ya nuna maka. A ɗaga ƙafar, a kama tayar ta hagu da dama a jijjiga, wani ya dafa kan tayarod ɗin da hannu. Idan kan tayarod na waje ne za a ji yana motsi a ƙarƙashin yatsa. Idan na waje shiru amma wasan na nan, a matsa robar da ke jikin rak ɗin sitiyari a ji na ciki. Wasan da ke fitowa idan an kama tayar ta sama da ƙasa kuwa, wannan boris ne ko boljoyin.

Idan ya tabbata, ba abin jinkiri ba ne. Kan da ya cinye yana iya ficewa gaba ɗaya, ƙafar ta juya inda ta ga dama. Buga shi da guduma don ya "matse" kwana biyu yake yi. Wajen sauyawa a ƙirga juyi nawa tsohon ya yi kafin ya fita, a mayar da sabon da adadi ɗaya, a ɗaure notin, a sa sabon fin idan mai fin ne. Ƙirgar nan ta kai ka wurin alaimen ce kawai, ba ta maye gurbinsa ba.

To alaimen zai hana girgizar?

A'a. Alaimen na maganin jan mota gefe, karkataccen sitiyari da cin taya. Kuma ba a yin sa a kan tayarod mai wasa, asarar kuɗi ce.

Tawa sai na taka birki daga gudu take yi.

Wannan diskin birki ne na gaba, kaurinsa ya daina zama ɗaya, kuma sau da yawa za ka ji fedar tana bugun ƙafarka. Wadda ke zuwa idan ka taka totur ta ɗauke idan ka ɗaga ƙafa, a duba joyin shaf na ciki.

Da me zan fara don kada in yi ta sayen kaya a banza?

Mu ɗauki wata Corolla mai rawa tsakanin 90 da 120, ba ruwanta da birki ko totur. Fara da abin da ba a biya: iskar taya da safe kafin a hau titi, notocin ƙafa, laka a cikin rim. Sai a ɗaga gaba a yi gwajin alli da jijjigar hannu. A ce an samu ƙafar dama tana kaɗawa milimita 2 ta ciki, tayarod kuma ƙalau. Mayar da tayoyin gaba baya, na baya gaba, kowace a gefenta, ka koma titin da ka saba a gudu ɗaya. Idan rawar ta bar hannunka ta koma kujera, laifin na wannan rim ɗin ne, a miƙe shi ko a sauya, sannan a yi balansin. Idan ba abin da ya canza, bar tayoyin, koma kan boris, diski da shaf. Wajen mayar da ƙafa a goge tsatsar fuskar hob inda rim ke zama, a ɗaure notoci a tsallake-tsallake ba a jere ba. Ƙarfin ɗaurin notin Corolla 103 N·m ne, ba a hau sifana da ƙafa a yi tsalle a kai.