Tallafin 'ya'ya masu nakasa ta dindindin a Amurka

A Amurka, yaron da aka haifa da nakasa ta dindindin, ko ta same shi tun yana ƙarami, yana iya samun kuɗin wata-wata daga hukumar fanshon tarayya ta hanyoyi biyu. Ta farko ita ce SSI, tallafin masu ƙaramin ƙarfi. Ta biyu kuwa haƙƙi ne da yake samu daga fanshon mahaifi ko mahaifiya. Yadda hanyoyin biyu ke cin karo da gado shi ne abin da ya fi jefa iyalai cikin asara.

Kafin yaro ya cika shekara 18, ana lissafa wani kaso na samun iyayensa kamar nasa ne, shi ya sa 'ya'yan masu matsakaicin albashi da yawa ba sa samun SSI. Da zarar ya cika 18 sai a daina duba aljihun iyaye, a auna nakasarsa da ma'aunin manya. Wanda aka hana a baya yana iya sake nema a lokacin. A 2025 mafi yawan abin da tarayya ke biyan mutum ɗaya dala 967 ne a wata, kuma a yawancin jihohi tallafin na zuwa tare da inshorar lafiya ta Medicaid, wadda ke ɗaukar nauyin magani da masu kula da mutum a gida. Sharaɗin mai tsauri shi ne kada dukiyar da ake lissafawa ta wuce dala 2,000. Tun 1989 ba a taɓa wannan adadi ba, kuma hakan tsaurin kai ne da ke hana marasa ƙarfi yin tanadi.

Hanya ta biyu tana buɗewa ne idan mahaifi ya fara karɓar fansho, ko ya nakasa, ko ya rasu. Dole nakasar ɗan ta kasance ta fara kafin ya cika 22, kuma ba shi da aure, sai a wasu 'yan yanayi da doka ta keɓe. A ɗauka fanshon uba dala 2,000 ne. Ɗansa zai iya samun rabi, wato 1,000, muddin uban na raye, sannan kashi 75 cikin ɗari, wato 1,500, bayan rasuwarsa, sai dai akwai iyakar abin da gida ɗaya zai karɓa. A 2025 dala 1,000 ta isa ta tsayar da SSI ɗinsa, amma doka ta bar masa Medicaid idan wannan kuɗin ne kaɗai sanadin tsayawar. Bayan wata 24 kuma yana samun Medicare, inshorar lafiya ta tarayya ta tsofaffi da masu nakasa. Saboda sharaɗin shekara 22, takardun asibiti da na makaranta na ƙuruciya abin adanawa ne sosai, domin wataƙila sai ɗan ya kai arba'in za a nemi hujja, lokacin da likitocin farko sun daɗe da barin aiki.

Tarkon yana cikin gado. Idan kaka ta bar wa jikanta dala 30,000 da sunansa, kuɗin na zama samu a watan da ya karɓa, daga wata mai zuwa kuma dukiya ce da ta haura iyaka. SSI ya tsaya, Medicaid na iya binsa. Idan tsayawar ta kai wata 12 a jere, sai an sake nema daga farko. Raba kuɗin ga 'yan'uwa ba mafita ba ne, don yana jawo hana shi SSI na har wata 36.

Maganin da iyaye ke bi shi ne asusun amana na musamman, wanda lauya ke rubutawa tun suna raye. Wasiyya da inshorar rai sai su ambaci asusun a matsayin mai karɓa, maimakon sunan ɗan. Amintacce ne ke riƙe kuɗin, yana biyan kuɗin keken guragu, tufafi, tafiya ko gyaran haƙori kai tsaye ga mai sayarwa; tsabar kuɗi a hannun ɗan tana rage masa SSI. Idan dukiyar iyaye ce aka zuba, abin da ya rage bayan rasuwarsa na komawa ga dangi. Idan kuwa gadon ya riga ya shiga hannunsa, ana iya buɗe irin asusun da kuɗinsa matuƙar bai kai 65 ba, amma jiha za ta fara cire abin da Medicaid ta kashe masa. Musulman da ke son rabon gado bisa shari'a suna buƙatar wasiyyar ta faɗi ƙarara cewa kason wannan ɗan zai shiga asusun ne.

Don ƙananan buƙatu akwai asusun ABLE, asusun ajiya na masu nakasa, wanda dokar 2014 ta kafa. Dala 100,000 ta farko a cikinsa ba ta shiga lissafin SSI, kuma a 2025 ana iya zuba har dala 19,000 a shekara. Da farko sai wanda nakasarsa ta fara kafin shekara 26, daga Janairun 2026 kuma iyakar ta koma 46. Mai asusun na iya riƙe katinsa ya yi sayayya da kansa.