Sabon mai sana'ar kansa a Kano: lambar haraji da lissafin da ke biye da ita

Na buɗe shagon ɗinki a Gwammaja bana, an ce sai na yi lambar haraji. Ina zan je, kuma me zan riƙe?

Da fari ka san wa ke da kai. Mutumin da ke sana'ar kansa, harajinsa na jihar da yake zaune ne, don haka Hukumar Tattara Haraji ta Jihar Kano, wato KIRS, ita ce taka. Babban ofishinta yana titin Bank Road, tana kuma da ƙananan ofisoshi a sassan birni. Hukumar tarayya da aka sani da FIRS, wadda yanzu ta koma NRS, ita ke karɓar harajin ribar kamfanoni. Ko da ka yi wa shagon rajistar sunan kasuwanci a hukumar rajistar kamfanoni, wato CAC, hakan bai mai da shi kamfani ba, kai ɗin dai ake bi, ribar shagon ribarka ce. Haka kuma in kana zaune a Kano kana aika ɗinki Abuja ko Kaduna, Kano za ka biya.

Ita lambar ba ta da wuya yanzu. Sababbin dokokin haraji da aka sa wa hannu ranar 26 ga Yunin 2025, suka fara aiki ranar 1 ga Janairun 2026, sun ɗaure lambar harajin mutum da lambarsa ta ɗan ƙasa, wato NIN. A shafin NRS na intanet za ka ga an rubuta Tax ID, ka shigar da NIN da sunanka da ranar haihuwa, lambar ta fito. Wanda ya riga ya mallaki tsohuwar lambar haraji, wato TIN, ba ya buƙatar sabuwa. Kyauta ce, duk wanda ya ce ka kawo kuɗin lamba, ladan yawonsa yake nema.

Sai dai samun lamba daban, buɗe maka fayil a KIRS daban. Ka je ofishin da ke kula da yankinka da takardar NIN, lambar wayar da kake amfani da ita, adireshin gida da na shago, takardar CAC in akwai, ka kuma faɗi ranar da ka fara aiki. Wannan ranar ka tabbatar an rubuta ta daidai, domin daga ita ake fara ƙirga maka. Abin da ya fi tsayar da mutane shi ne saɓanin suna: Muhammad a NIN, Mohammed a banki, Mamman a takardar CAC. Sai ka gyara a inda kuskuren yake kafin na'ura ta yarda kai ɗaya ne. Kada ka ce bari ka yi wata lambar don ka huta, lamba biyu ga mutum ɗaya ta fi rashin lamba rikici.

In na yi lambar, shi ke nan za a fara cire mini kuɗi a asusun banki?

A'a. Lamba shaida ce kawai, ba ta cire ko kwabo. Abin da take jawo maka shi ne nauyin kai bayanin abin da ka samu sau ɗaya a shekara.

Yaushe ake kai bayanin, kuma a kan me ake yanka harajin?

Wa'adin shi ne 31 ga Maris na kowace shekara, kuma bayanin na shekarar da ta wuce ne. Wanda ya fara a 2026 ya rufe littafinsa ranar 31 ga Disamba, zai kai nasa kafin ƙarshen Maris na 2027. Kai za ka lissafa, ka cike fom, ka biya, hukuma ta duba daga baya.

A kan riba ake yankawa, ba a kan ciniki ba, kuma nan ne mutane suke cutar kansu. Mu ɗauki tela mai keke uku da yara biyu. A shekara naira 6,400,000 ta bi ta hannunsa, wasu ta banki wasu a aljihu. Ba duka ne nasa ba. Naira 1,200,000 kuɗin masu ɗinki ne da suka turo a sayo musu shadda da yadi a Kantin Kwari, ta shigo da safe ta fita kafin la'asar. Naira 200,000 kuma kwasar adashi ce, kuɗinsa ne da ya zuba ya dawo masa. Cinikin gaskiya ya zama 5,000,000.

Daga nan sai ya cire abin da sana'ar ta ci. Hayar shago 400,000. Man janareto da kuɗin wuta 600,000. Zare, shafi, maɓalli, zif da kuɗin aikin wuya da yake kaiwa waje 700,000. Ladan yara 500,000. Gyaran kekuna 100,000. Jimla 2,300,000, riba ta tsaya a 2,700,000. Cefanen gida, kuɗin makarantar yara da ragon layya ba sa shiga nan, ko da daga aljihun shago aka ɗauka. Sabon keken da ya saya ma ba a cire kuɗinsa gaba ɗaya a shekara guda, ana rarraba shi ne a kan shekaru, tunda zai daɗe yana aiki.

Akwai sassauci ga mai zaman haya: kashi 20 cikin 100 na hayar gidan da yake ciki, amma kada ya wuce naira 500,000. Telan nan yana biyan 500,000 a shekara, sai a rage masa 100,000, saura 2,600,000. Wanda ke zaune a gidan gado ko nasa na kansa ba shi da wannan. Yanzu sai ma'auni: naira 800,000 ta farko babu haraji a kanta, 2,200,000 da ke biye kashi 15, sannan 9,000,000 da ke biye da ita kashi 18, haka yake hawa har kashi 25 ga abin da ya haura miliyan 50. A cire 800,000 daga 2,600,000, saura 1,800,000. Kashi 15 nata shi ne 270,000. Harajinsa na shekara ke nan.

To, a ce ba shi da littafi ba shi da rasit, jami'i ya ga 6,400,000 ya ɗauke ta a matsayin abin da ya samu. Lissafin zai ba da 330,000 a mataki na biyu, da 612,000 a na uku, jimla 942,000. Tsakanin 270,000 da 942,000 babu komai sai rubutu.

Ni ban iya lissafin akanta ba. Wane irin rubutu ake nufi?

Littafi mai kauri irin na 'yan makaranta ya isa, in dai ana rubutawa kullum. Shafin hagu abin da ya shigo: kwanan wata, sunan mai kaya, nawa ne kuɗin ɗinki, nawa ne kuɗin sayen yadi, kowanne a layinsa. Shafin dama abin da ya fita. Rasit ɗin haya da na gidan mai a soke su a ƙusa ko a zuba a leda ɗaya, a kuma ɗauki hotonsu da waya, don tawadar rasit ɗin na'ura kan goge cikin 'yan watanni, ka buɗe ka tarar da farar takarda. Yara su sa hannu duk ranar da aka sallame su. Doka tana so a ajiye waɗannan takardu shekara 6.

Abin da ya fi kowanne sauƙaƙa aiki shi ne raba asusu. Ɗaya na shago, ɗaya na gida. In gudunmawar biki, kuɗin da ƙaninka ya turo a kai wa Hajiya, da kuɗin ɗinkin sallah duk suna faɗawa wuri guda, ranar da aka ce ka bambance su kai kanka ba za ka iya ba. Watan azumi ne littafi ke mutuwa a shagon tela, ana kwana a kan keke, babu mai tuna biro. Kuma shi ne watan da ciniki ya fi yawa.

Ribata ba ta kai 800,000 ba. Sai na kai bayani duk da haka?

Sai ka kai. Ba za ka biya komai ba, amma bayanin ne ke nuna hakan, shirunka ba ya nunawa. Tarar rashin kaiwa a sabuwar doka naira 100,000 ce a watan farko, sannan 50,000 duk watan da ya biyo baya. Ta ƙin yin rajista kuwa 50,000 ce a watan farko, 25,000 kowane wata bayan nan. Ka ga mutumin da ba a bin sa ko sisi zai iya tara wa kansa bashin tara da ya fi ribarsa.

Wata makaranta ta ba ni ɗinkin kayan ɗalibai na miliyan ɗaya, sai suka biya ni 980,000, wai sun cire haraji. Cuta ce?

Ba cuta ba ce in sun kai kuɗin inda ya dace. Doka ta ɗora wa hukumomi da manyan ma'aikatu su riƙe wani kaso daga kuɗin ɗan kwangila su miƙa wa hukumar haraji da sunansa. A kan kawo kaya galibi kashi 2 ne, kuma ana ninka shi ga wanda ba shi da lamba. Wannan 20,000 kafin alƙalami ce a kan harajinka, ba ƙari ba. A lissafin da muka yi a sama, in da telan ne aka cire wa, 250,000 zai cika maimakon 270,000.

Sharaɗin shi ne ka ba su lambarka kafin su biya, ka kuma karɓi takardar shaidar cirewa, ka duba sunanka da lambarka a jiki, ka tabbatar KIRS aka kai kuɗin. In babu wannan takarda, kuɗin ya tafi ke nan, za ka sake biyansa da hannunka a watan Maris.

An kawo mini takarda shago an yanka mini kuɗin da ban san inda aka samo shi ba. Ya zan yi?

Duba kan takardar tukuna ka ga wa ya aiko. Kuɗin shago na ƙaramar hukuma da kuɗin rajistar wurin kasuwanci ba su ne harajin riba ba, biyan su ba ya sauke maka shi, shi ma ba ya sauke su. In kuwa takardar kimanta haraji ce daga KIRS, galibi ƙiyasi ne aka yi maka saboda ba ka kai bayani ba, ko an ƙi yarda da wanda ka kai.

Kana da kwana 30 daga ranar da takardar ta iso ka ka rubuta ƙin amincewa. A rubuce, ba da baki ba. Ka faɗi adadin da ka yarda da shi da wanda ba ka yarda ba, da dalili, ka haɗa da kwafin littafi, rasit da bayanan banki, ka kai ofis a buga maka hatimi da kwanan wata a kwafinka. In kwanakin suka wuce ba ka motsa ba, adadin ya zauna, ya zama bashi a kanka ko da ƙiyasin ya yi nisa da gaskiya. Abin da ka yarda da shi ka biya ta banki ko ta hanyar biya ta hukuma, rasit ya fito da sunanka da lambarka, kada ka damƙa wa kowa tsabar kuɗi a bakin shago. Waɗannan rasit ɗin ne za a nema ranar da kake son takardar shaidar biyan haraji don neman kwangila ko takardar fili, kuma shekaru 3 na baya take dubawa.