Shin Ƙara Abu a Jeri Mai Faɗaɗa Kansa Yana da Nauyi?

An daɗe ana cewa, har cikin ɗaliban kwamfuta a nan Sakkwato, wai duk sanda aka ƙara abu a jeri kamar `ArrayList` na Java sai an kwafe jerin gaba ɗaya. Akwai dalilin wannan zato, domin kwafin yana faruwa, amma sai gurabun da aka tanada sun cika. Lokacin ne ake neman sabon wuri, misali ninki biyu na tsohon, a kwashe kayan zuwa can.

Mu fara da gurbi 1, mu zuba abubuwa 1,000. Za a yi kwafi idan an cika 1, 2, 4, 8, har 512. Jimillar abin da aka kwafe 1,023 ne, kusan ɗaya ga kowane abu. Da gurbi ɗaya-ɗaya ake ƙarawa, da an kwafe 499,500. Ninkin ba dole biyu ba ne, `ArrayList` rabin girmansa yake ƙarawa. Sai dai ƙarin da ya zo daidai lokacin da wurin ya cika yana da nauyi, kuma idan ninki biyu ake yi, kusan rabin wurin na iya zama fanko.

Kuna iya gwadawa da kanku: a C++, ku buga `capacity()` na `std::vector` bayan kowane `push_back`, za ku ga jefi-jefi yake canzawa. Don Allah ku tura wa abokan karatunku.