Lissafin kuɗin zaman makoki

Lissafin kuɗin makoki shi ne ƙiyasin abin da gidan da aka yi rasuwa zai kashe daga jana'iza zuwa tashin masu gaisuwa, da yadda za a raba nauyin tsakanin dangi. A Jos, kamar sauran garuruwan Hausawa Musulmi, an fi yin zaman kwana uku. Wasu gidaje na ƙara sadakar bakwai da ta arba'in, amma mabiya Izala, ƙungiyar da aka kafa a garin a 1978, ba sa yi. Don haka tambayar farko ita ce kwana nawa za a zauna.

Kuɗin kashi biyu ne, kuma haɗa su ne ke jawo rigima a wajen rabon gado. Na farko shi ne suturar mamaci: likkafani, ladan masu haƙa kabari, itacen rufi da motar kai gawa maƙabarta, misali maƙabartar hanyar Zariya. A shari'a ana fidda wannan daga dukiyar mamacin kafin gado. Na biyu, wato abinci, ruwan leda, hayar rumfa da kujeru, ba ya cikin wannan hukunci. Ba a taɓa rabon marayu dominsa, kuma shi ne ake neman dangi su ɗauka. Asalin sunna ma maƙwabta da 'yan'uwa ne ke dafa wa gidan makoki, kamar yadda Annabi (SAW) ya umarta a yi wa iyalan Ja'afar.

Ba da taron jana'iza ake auna abinci ba, domin yawancinsu daga maƙabarta suke watsewa. Masu wuni da baƙin da za su kwana ake ƙirgawa. A ce mutum 60 za su ci na rana, 40 na dare: kwano 100 ke nan a wuni, 300 a kwana uku. Mudun shinkafa na ciyar da kimanin mutum goma, saboda haka ana bukatar mudu 30, kusan buhu guda mai kilo 50. Sai a ɗora mai, kayan miya da itace, a ƙara kayan shayi, tunda sanyin Jos ba ya ɗaga wa baƙo ƙafa. Rumfa da kujeru kuwa kowace rana kuɗinta daban.

Wajen neman gudummawa, ambata abu ya fi yanka kuɗi. Babban wa ko kawu kan ce, "Yaya, ke ki ɗauki mai, Alhaji, buhun shinkafa na wajenka." Raba daidai wa daida na takura wa marar hali, shi ya sa 'ya'ya da ƙanne masu samu ke ɗaukar kaso mafi tsoka. Surukai da abokan arziki ba a yanka musu, abin da suka kawo shi ke nan. Ba a kuma sa kuɗin gaisuwa a lissafi sai sun shigo hannu. In aka fara karɓo kaya bashi a kanti tun rana ta biyu, ƙiyasin ya kauce, sai a rage girki, a mayar da rarar kujeru.