Me ake nufi da "ba ƙarin kuɗin mota sai da sanarwa a rubuce"?

Tun daga ranar 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Tinubu ya ce an cire tallafin man fetur, litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kuɗin motar makaranta ya daina zama wuri ɗaya. Mai mota na da gaskiyarsa, don ba da ruwa yake tuƙi ba. Shi ma uba na da tasa, tunda albashi ba ya tashi tare da farashin mai. Shi ya sa ake saka wani ɗan sharaɗi a takardar yarjejeniyar jigilar ɗalibai, wanda bai hana ƙari ba, amma ya hana a yi shi bagatatan.

Ga yadda za a iya rubuta shi:

"Ba za a sauya kuɗin mota ba sai an ba uba ko mai kula da ɗalibi sanarwa a rubuce, mai ɗauke da sabon kuɗi da ranar fara aiki da shi, aƙalla kwana 30 kafin ranar. Ana ƙirga kwanakin daga ranar da sanarwar ta isa hannunsa. Ƙarin ba zai shafi kuɗin da aka riga aka biya ba. Wanda bai amince ba yana iya cire yaronsa daga motar ba tare da tara ba."

Inda aka fi samun rigima shi ne "a rubuce". Direba ya leƙo ta taga da safe ya ce, "Alhaji, daga Litinin fa kuɗi ya ƙaru," wannan ba sanarwa ba ce. Haka saƙon baki da aka ba yaro ɗan aji biyu ya kai gida. Takardar da aka cusa masa a jaka ma rubutu ce, amma wa zai shaida ta isa? Sau da yawa sai ranar wanki ake tsintar ta a dunƙule cikin aljihu. Don haka ya kamata yarjejeniyar ta faɗi hanyar da aka yarda da ita: wasiƙar da uba zai sa hannu ya maido da ɓangarenta, ko saƙon waya zuwa lambar da ya rubuta a takardar. A ganina, saƙon da aka jefa a zauren WhatsApp na iyaye bai wadatar ba, domin yakan nutse cikin gaisuwar Juma'a da sanarwar biki, kuma ba kowane uba ke cikin zauren ba.

Mu ɗauki misali. A ce uwa na biyan naira 10,000 a farkon kowane wata, mai mota kuma yana so ya mayar da shi 13,000. Ya rubuta wasiƙa ranar 3 ga Oktoba, amma ba ta isa hannunta ba sai ranar 10. Daga ranar 10 ɗin za a fara lissafi, kwana 30 su cika ranar 9 ga Nuwamba. Ke nan kuɗin Nuwamba, da ta biya ranar 1 ga wata, yana nan a 10,000, sabon farashi sai Disamba. Da daga ranar 3 aka ƙirga, da an ci mata mako guda a banza. Idan kuwa ta biya na zango gaba ɗaya, naira 30,000, tun a Satumba, babu mai zuwa mata a tsakiyar zango da maganar ciko. Ta riƙe rasidinta kawai, ƙarin ya jira zango na gaba.

Kwana 30 ɗin ba doka ce ta yanke shi ba, abin da ɓangarorin biyu suka amince ne. Wasu kan fi son a ce sai an sanar kafin hutun ƙarshen zango, kuma wannan ya fi yi wa iyaye daɗi, don suna da hutun su nemi mai Keke Napep ko su haɗa kai da maƙwabta.

Akwai abin da ya kamata uba ya duba kafin ya sa hannu. Idan sharaɗin ya ce "kuɗin mota" kawai, ana iya barin kuɗin yadda yake, a ɓullo da "kuɗin mai" ko "kuɗin gyara" a gefe. A rubuta cewa sharaɗin ya haɗa da duk wani kuɗi da ya shafi jigilar, ko da wane suna aka kira shi. A kuma bayyana wanda ke da ikon ba da sanarwar, hukumar makaranta ce ko mai motar da ta ɗauko haya, don kada kowa ya riƙa tura iyaye wurin ɗan'uwansa.

Mai mota ma ya ajiye kwafin kowace sanarwa da sa hannun wanda ya karɓa. Ranar da wani uba ya ce bai ji ba bai gani ba, wannan takardar ce za a buɗe a gaban shugaban makaranta.