Gaskiyar Magana Kan Bayanin Wurin da Ke Cikin Hoto

An daɗe ana cewa kowane hoto yana ɗauke da shaidar wurin da aka ɗauke shi, kuma wannan shaida ba ta ƙarya. Maganar tana da tushe, amma ba ta cika ba.

Waya tana rubuta lambobin wuri a cikin bayanan EXIF, wato ɓoyayyun bayanan da ke tafiya tare da fayil ɗin hoto, ne kawai idan an ba kamara izinin amfani da GPS. Hoton da aka tura ta WhatsApp yadda aka saba, ko aka ɗora a Facebook, yakan isa ga mai karɓa ba tare da waɗannan bayanai ba, saboda haka rashinsu ba ya nuna hoton na bogi ne.

Idan an ce an ɗauki hoto a Hubbaren Shehu, a nemi a turo asalinsa a matsayin fayil, a buɗe bayanansa, a sa lambobin a taswira. Na Sakkwato sukan kasance kusa da 13 a arewa da 5 a gabas, amma idan aka ga 12 da 8, wajen Kano ke nan. Ko sun dace, ana iya sauya su da manhaja, don haka a gwada gine-ginen da ke hoton da na wurin.

Don Allah a isar da wannan bayani ga 'yan'uwa.