Mece ce "rage aiki saboda wa'adi", kuma yaya ake sanar da abokan aiki?

Duk wanda ya zauna da masu rubuta manhaja zai ga ranar da aka wayi gari an manna wa wani aiki alamar `descoped` a allon ayyuka, ko an mayar da shi ƙarƙashin `Won't have`. Abin da ake nufi shi ne an cire wannan ɓangaren daga jerin abubuwan da za a miƙa a ranar da aka yi alkawari. Ranar tana nan inda take, ingancin sauran aikin ma ba a taɓa shi ba. Yawan kayan da za a kai ne aka rage. Ya bambanta da ɗage rana, ya kuma bambanta da a gaggauta aiki a miƙa shi rabi da rabi.

Manyan kamfanoni ma suna yi. A watan Agustan 2004 Microsoft ta sanar da cire WinFS, sabon tsarin ajiyar bayanai da ta daɗe tana tallatawa, daga manhajar da daga baya ta fito da sunan Windows Vista. Wayar iPhone ta farko kuwa ta fito a 2007 ba ta iya kwafar rubutu daga wuri ta liƙa a wani, sai a 2009 aka ƙara mata wannan. Kwafar rubutun ta samu shiga daga baya, WinFS kuwa bai taɓa fitowa a yadda aka tallata shi ba.

Me ya sa ba za a ƙaro ma'aikata kawai ba? Masanin kwamfuta Fred Brooks ya amsa wannan tun 1975: ƙara mutane a aikin manhaja da ya riga ya makara, ƙara masa makara yake yi. Sabon zuwa sai an koya masa, kuma mai koyarwar shi ne wanda aka fi buƙatar hannunsa. Ga kuma yawan tuntuɓa. Mutum 5 suna da hanyoyin magana 10 a tsakaninsu, idan suka zama 8 hanyoyin sun koma 28.

A ɗauka ana gina wa wata makaranta manhajar karɓar kuɗin makaranta, kuma za a koma karatu nan da mako 3. Wannan rana ba ta matsuwa, domin iyaye za su yi layi a ofishin kashiya ko manhaja ta shirya ko ba ta shirya ba. Masu rubuta manhajar su 4 ne, kwanakin aiki 15, wato jimillar kwana 60 a takarda. Amma taro, gyaran kurakuran da za su ɓullo da ranar da wani zai kwana da zazzaɓi za su ci kusan kashi ɗaya cikin uku, sai a riƙe 40. Abubuwan da babu makawa, wato karɓar kuɗi, buga rasit, rahoton ƙarshen yini da gwaji, suna buƙatar 32. Ɓangaren da kowa yake so, wanda zai sa manhajar ta yi aiki ko babu intanet sannan ta tura bayanai idan sabis ya dawo, saura masa 18. An tashi da 50 ke nan, alhali 40 ke hannu.

Sau da yawa ɓangaren da aka fi ƙauna shi ne ya fi ɓoye wahala. A nan, ajiye bayani a kwamfutar kashiya ba wani abu ba ne, an ma gama shi, ana nuna shi kowa yana tafi. Wuyar tana wajen haɗewa. Kashiya biyu suna aiki babu intanet, uba ya biya wa ɗansa rabin kuɗi a taga ta farko da safe, uwa ta zo da rana ta biya a taga ta biyu, kowace kwamfuta tana ganin yaron bai biya komai ba, wataƙila ma duk biyun sun ba da rasit mai lamba ɗaya. Idan sabis ya dawo, wanne za a ɗauka? Kuskure a nan kuɗin mutane ne. Alamar da ake gane irin wannan ɓangare ita ce mai yinsa ya yi mako biyu yana cewa saura ƙiris.

To, sai saƙon. A ganina lissafin nan ya kamata ya shiga cikinsa ƙarara, domin wanda aka ce masa "lokaci ya ƙure" zai yi gardama, wanda aka nuna wa 50 da 40 kuwa sai dai ya kawo nasa lissafin, kuma idan nasa ya fi, an ci riba. Ga yadda zai iya kasancewa:

"Salamu alaikum 'yan uwa, barkanmu da aiki. Mun yanke shawarar cire aiki babu intanet daga abin da za mu miƙa ranar komawa makaranta. Kwana 40 na aiki suka rage mana, abubuwan dole za su ci 32, shi kuma yana buƙatar 18, mafi yawansu a kan warware biya biyu da suka ci karo. Na duba ko za mu rage gwaji, na ga ba zan iya sa hannu a manhajar kuɗi da ba a gwada ba. Na san wasunku sun hana idonsu barci a kansa, kuma aikin ya yi kyau, ba don aibinsa aka cire shi ba. Yana nan a ajiye a reshensa na manhajar, ba za a goge komai ba. Idan sabis ya ɗauke, kashiya zai rubuta a littafin rasit ya shigar daga baya, shugaban makarantar ya amince da haka. Za mu zauna a kansa Litinin ta biyu bayan miƙawa. Wanda yake ganin na yi kuskure a lissafi ya same ni kafin azahar gobe. Allah ya saka da alheri."

Hukuncin ya zo a jimlar farko bayan gaisuwa, ba a bar mutum yana karanta yabo yana jiran saukar gatari ba. An kuma faɗi abin da mai amfani zai yi a madadinsa, wanda shi ne ake yawan mantawa. Kafin a tura wa kowa, a fara kiran wanda ya fi shan wahala a kan ɓangaren, baki da baki. Bai dace ya tsinci labarin a zauren tattaunawa tare da sauran jama'a ba.

Abin da ya fi ɓata irin wannan saƙo shi ne "za mu dawo kansa nan gaba" ba tare da rana ba. Kowa ya san makomar irin wannan alkawari, kuma idan aka yi shi sau biyu ba a cika ba, na uku ba mai saurara. Idan ka san ba zai dawo ba, gara ka faɗa tun yanzu.

Cirewar ma aiki ce, tana cin nata lokacin. Yawanci ana kashe ɓangaren ne da makunni a fayil ɗin saiti:

```
OFFLINE_SYNC_ENABLED=false
```

Sai dai makunnin ba ya share maɓallin da aka riga aka zana a shafin kashiya, ba ya gyara takardar koyarwa da ta ce manhajar tana aiki ko babu sabis, kuma idan an rubuta rahoton ƙarshen yini yana karanta bayani daga ma'ajiyar wucin gadin da ke kwamfutar kashiya, zai fito fanko. Saboda haka a ware kwana 2 daga cikin 8 ɗin da suka rage don a bi duk inda ɓangaren ya taɓa, a sake gwada manhajar makunnin yana kashe. Sauran 6 a bar su haka nan, kada wani ya lallaɓa ya cusa ƙaramin abin da shi ma yake so, domin na kurakuran da za a gano a makon ƙarshe ne.